Mayar da kundin digiri mai babi-babi zuwa kundin maƙaloli

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama rubuta kundin digirina na uku cikin babi shida, a kan yadda masu hawan jini suke shan maganinsu. Mutum 400 suka cika mini takardar tambayoyi, na kuma yi hira da 25. Ban miƙa ba tukuna, sai mai duba aikina ya ce in mayar da shi kundin maƙaloli da gajerun bayanai a tsakani. Kowane babi zan aika wa mujalla? Me kuma ake rubutawa a tsakanin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A'a, ba babi-babi za ki aika ba. Amma kafin ki taɓa ko da shafi ɗaya, nemi ƙa'idar jami'arku a rubuce, ki duba maƙala nawa ake buƙata da matakin da dole kowacce ta kai. Uku zuwa biyar ne aka fi sabawa da su. Wata jami'ar sai an buga, wata ta yarda da wasiƙar amincewa daga mujalla, wata kuma ta karɓi wadda aka aika ana jiran amsa. Wannan bambancin shi zai yanke miki hukunci, domin daga aikawa zuwa amincewa yakan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Idan sai an buga uku, kuma wa'adin rajistarki ya kusa ƙarewa, shawarata ki miƙa kundin yadda yake, ki fitar da maƙalolin bayan kin kare shi.

Idan lokaci ya ba ki dama, to tambayoyin bincikenki za ki bi wajen rabawa. An gina babobinki ne ɗaya bisa ɗaya: babin sakamako ba ya tsayuwa sai da babin hanyoyin bincike, shi kuma sai da babin bita. Maƙala kuwa ita kaɗai mai karatu zai gani, saboda haka dole ta zo da tambayarta ɗaya, da hanyarta, da sakamakonta, da tattaunawarta. Ke nan kowace maƙala za ta ɗebo kaɗan daga kusan kowane babi.

A aikinki ina hango uku. Ta farko ta amsa tambayar mutum nawa ne cikin 400 suke shan magani yadda likita ya ce, kuma su waye. Ta biyu ta ɗauki abubuwan da suke da alaƙa da barin magani, kamar shekaru da yawan ƙwayoyin da ake sha a rana. Ta uku ta tsaya kan hirar mutum 25, inda su da kansu suke faɗin dalilinsu. Ki lura da ta farko da ta biyu: in ta farkon ba ta wuce jadawali biyu ba, haɗe su ya fi, don editoci ba sa son a tsattsaga sakamako ɗaya domin kawai a ƙara yawan maƙala. Babin bita kuwa da wuya ya zama maƙala, sai in tun farko kin rubuta inda kika nemo ayyukan da ƙa'idar da kika bi wajen zaɓa da watsarwa. Mafi yawansa zai koma gabatarwar kundin, bayan an rage shi sosai.

Ragewar za ta yi miki zafi. Mujallun lafiya da yawa ba sa karɓar fiye da kalmomi 3,000 zuwa 5,000, alhali babinki ɗaya yana iya ninka haka sau uku. Abin da bai shiga ba, irin cikakkiyar takardar tambayoyi da takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, sai ya tafi rataye.

Yanzu ga bayanan tsakani, inda na fi ganin ana tuntuɓe. Ki bar su sai ƙarshe. Dalili shi ne maƙalar da kika aika ba ita za ta dawo miki ba, masu tacewa sai sun taɓa ta. A ce mai tace maƙala ta biyu ya nemi ki cire mutum 28 da ba su amsa tambayar yawan ƙwayoyi ba. Sai ta fito da mutum 372, ga ta farko kuma an riga an buga ta da 400. Ba ki da ikon gyara abin da aka buga. Mai jarrabawa da ya ga lambobi biyu ba tare da bayani ba, zai ɗauka sakaci ne, ko ma ya yi zargin abin da ya fi haka. Bayanin tsakani shi ne wurin da za ki ce: an cire 28 saboda kaza, an kuma sake lissafin maƙala ta farko da 372, ga abin da ya fito. Haka nan in kin canza ma'anar "shan magani yadda ya kamata" tsakanin maƙala da maƙala, nan za ki faɗa.

Shafi ɗaya zuwa uku ya isa kowane bayani. Ki faɗi abin da maƙalar baya ta tabbatar, da abin da ta kasa amsawa, da yadda wannan giɓin ya haifar da ta gaba. Misali, tsakanin ta biyu da ta uku: in alƙaluma sun nuna masu shan ƙwayoyi da yawa sun fi barin magani, ba su faɗi ko mantuwa ce, ko tsada, ko tsoron illa ba, shi ya sa aka koma ga hira. Alamar bayanin da bai yi aiki ba a fili take. Ki karanta shi kusa da tsakuren maƙalar da ke biye. In abu ɗaya suke faɗi, maimaici kika yi. Ki kuma gwada sauya jerin maƙalolin a ranki. In bayanan sun zauna daram duk da sauyin, to ba su ɗaure komai ba.

Babin tattaunawarki na dā ma ba zai rayu yadda yake ba, tunda kowace maƙala ta ɗebi rabonta daga ciki. Sabon da za ki rubuta ya faɗi abin da ba ya cikin kowace maƙala ita kaɗai, kamar inda maganar mutanen hira ta saɓa wa alƙaluma. Nan masu jarrabawa suke neman muryarki, musamman da yake maƙalolin suna ɗauke da sunayen wasu.

Sunayen nan ma suna da takardarsu. Galibi ana son ki zama ta farko a jerin marubuta, kuma kowace maƙala ta zo da bayanin abin da kowa ya yi, wanda ya tsara binciken, wanda ya tattara bayanai, wanda ya yi lissafi, da sa hannunsu. Ki karɓi sa hannun tun ranar da aka amince da maƙalar, kafin mutane su watse.

Sai haƙƙin mallaka. Ki karanta yarjejeniyar da za ki sa wa hannu da kowace mujalla. Manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier sun yarda marubuci ya sa maƙalarsa a kundin digirinsa, amma wasu mujallun rubutun da aka amince da shi kawai suke bari, ban da shafukan da suka tsara da tambarinsu, wasu kuma su ce a jinkirta ɗora shi a intanet. Wadda aka buga da lasisin CC BY, wanda ya ba kowa damar sake amfani da ita, ba ta da wannan matsalar, muddin an ambaci inda ta fara fitowa. Kuma ki sanar da ofishin da ke tantance kundi tun da wuri cewa naki na maƙaloli ne, domin Turnitin, shirin kwamfuta mai gano kwafen rubutu, zai nuna kamanceceniya mai yawa da maƙalolinki da aka buga, sai su ware su kafin a fitar da rahoto.