Wasiƙar neman kamfani ya ɗauki nauyin gasar makaranta: me za a ce zai samu?

Tambaya: Malam, ni ce shugabar wata firamare mai zaman kanta a Agege. Muna shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu takwas, kuma lissafinmu ya kai naira 600,000. Bara mun rubuta wa kamfanoni uku cewa su taimaka saboda Allah, babu wanda ya amsa. Bana ina so in gwada wani kamfanin ruwan leda da ke kusa da mu. Me zan rubuta, kuma kuɗi zan nema ko kaya?

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Wasiƙar neman taimako saboda Allah ta dace da Alhaji mai son lada. Manajan kamfani kuwa yana da maigida a samansa, wanda zai tambaye shi abin da kuɗin ya jawo. Aikin wasiƙarki shi ne ta sa masa amsar a baki.

Fara da ƙirga mutane, domin su ne hajarki. A ce kowace makaranta za ta kawo 'yan takara biyar, 'yan rakiya ashirin da malamai biyu. Mutum 216 ke nan. Ƙara iyaye da baƙi kamar ɗari, kin doshi 320. Wannan adadin za ki rubuta, ba "ɗimbin jama'a" ba. Kuma kada ki kumbura shi: manajan zai zo da idonsa, in ya tarar da kujeru babu kowa, baɗi ba zai ɗaga wayarki ba.

Kan kuɗi ko kaya, ni dai ba zan ɗora wa kamfani ɗaya dukan 600,000 ba. Fitar da kaya ya fi musu sauƙi, saboda abin da jakar ruwa ta ci musu bai kai farashinta a shago ba. Mutum 320, kowa leda biyu, leda 640 ke nan, wato jaka 32 tunda kowace jaka ashirin ce. Nemi jaka 35, sannan ki ware abu guda mai suna wanda za su biya da kuɗi, misali kofi da kyautar ta ɗaya, naira 150,000. Mutum ya fi sakin hannu a kan abin da zai nuna ya ce "mu muka yi" fiye da kuɗin hayar rumfa.

Sashen abin da za su samu shi ne zuciyar wasiƙar. Ga misali:

"Sunan kamfaninku zai kasance a kan kofin da takardun shaida na 'yan takara 40. Ruwanku kaɗai za a sha a wurin. Za ku sami teburi a bakin zaure, manajanku ne zai miƙa kofin, kuma bayan taro za mu zaunar da shi minti goma sha biyar da shugabannin makarantun takwas."

Wannan na ƙarshe ya fi allon talla daraja, kuma masu rubutu kan manta da shi. Makarantu na sayen ruwa duk mako, sannan cikin iyayen yaranki akwai masu shago da masu sayar da abinci, a Agege da kasuwar Mil 12. Ko makaranta ɗaya ta koma sayen ruwansu, jaka 35 ta dawo. Sai dai ganawa kika yi alkawari, ba ciniki ba.

Akwai abin da ba naki ba ne balle ki bayar. Lambobin wayar iyaye ba naki ba ne. Hoton yaro ba ya shiga talla sai da yardar iyayensa. Allon tallan da zai fuskanci titi yana ƙarƙashin hukumar LASAA ta jihar Legas, don haka ki tsayar da naki a cikin harabar makaranta, ko ki bar wa kamfanin neman izini. Kafin komai ma, duba lambar NAFDAC a jikin ledar, tunda cikin yara ruwan zai shiga. Kuma in kin ce ruwansu kaɗai, kada ki je ki faɗa wa wani kamfanin ruwa haka.

Shafi ɗaya ya isa, da Turanci tunda Legas ce, a takarda mai tambarin makaranta, da lissafin kuɗin a maƙale. Asusun makaranta za ki sa, ba naki ba. Kai ta da kanki saura mako shida zuwa takwas, ki tambayi sunan mai kula da talla ko ciniki, a buga miki hatimi a kwafinki. Wasiƙar da aka bari wurin maigadi sau da yawa nan take kwana har gasa ta wuce. In sun kira suna tambayar ranar taro da yawan mutane, magana ta shiga. In mako ya cika shiru, koma, ki rage buƙatar zuwa ruwa kaɗai.

Duk abin da suka amince da shi, a rubuta, ku sa hannu. Cikin mako guda bayan gasar, aika musu da wasiƙar godiya, da ainihin adadin waɗanda suka halarta, da hoton manajan riƙe da kofin.