Abin da nake faɗa wa sababbin 'yan kulob kafin su taɓa ɗan ces

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora mini jagorancin ƙaramin kulob ɗinmu na ces, kuma mako mai zuwa za mu karɓi sababbin mambobi. Yawancinsu sun san tafiyar 'ya'ya, amma hannunsu ya fi tunaninsu sauri: su ɗauka, su ajiye, su ce a bari su sake. Me zan faɗa musu a ranar farko?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Na yi shekaru ina yin wannan jawabi, kuma zan ba ka shi kamar yadda nake yin sa yanzu, bayan na rage abubuwa da yawa da na ga ba sa zama a kan sabon shiga.

Da doka nake farawa, a taƙaice, domin ita ce dalilin duk sauran maganar. A dokokin FIDE, hukumar ces ta duniya, sashe na 4, idan lokacin tafiyarka ne ka taɓa ɗanka da niyya, dole shi za ka tafiyar muddin yana da inda doka ta yarda ya je. Idan ɗan abokin wasa ka taɓa, dole ka ci shi muddin zai ciwu. Da zarar ka saki ɗa a kan gida, tafiya ta zauna. In gyara zaman ɗa kawai kake so, sai ka faɗa kafin ka taɓa, ba bayan ka taɓa ba, kuma a lokacin tafiyarka kaɗai. Kalmar da aka saba ji a gasa ita ce "j'adoube", amma a kulob "zan gyara" ta wadatar. Sai kasilin, wato tafiyar da ake motsa sarki da ruk a tare: sarki ake fara taɓawa. Wanda ya fara taɓa ruk ya rasa damar kasilin ta wannan ɓangare a wannan tafiyar, ruk ɗin zai motsa.

Ina gaya musu cewa dokar ba ta raga wa manya. A Buenos Aires a 1960, Bobby Fischer ya taɓa sojansa na layin h a wasansa da Wolfgang Unzicker, da niyyar tura shi gida ɗaya. Yana taɓawa ya ga hakan ba zai yiwu ba, za a cinye sojan. Dole ya tura shi gida biyu, gaban sarkinsa ya raunana, ya sha kashi. A gasar zaɓen mai ƙalubalantar zakaran duniya a Mosko a 2016, Hikaru Nakamura ya taɓa sarkinsa a ƙarshen wasansa da Levon Aronian, alƙali ya ce sai ya tafiyar da shi, kuma wasan ya kuɓuce masa. Waɗannan biyun sun isa, kada ka cika su da labarai.

Daga nan sai in ce kowa ya sauke hannunsa daga tebur ya ɗora a cinya. Hannun da ke shawagi a saman allo yana jan ido zuwa wuri guda. Da zarar yatsunka sun tsaya a kan doki, kanka ya daina tambayar ko dokin ne ya dace, ya koma neman inda zai ajiye shi. Don haka hannu ba ya tashi sai an gama shawara, kuma in ya tashi, aiki ɗaya zai yi: ya ɗauka, ya ajiye, ya danna agogo da wannan hannun.

To me ake yi kafin hannun ya tashi? A nan nake daɗewa, kuma ba na yin sa da baki kawai. Nakan jera allo a gabansu in buga wannan, inda N ke nufin doki, B bishof, Q sarauniya, R ruk, x ci, + cek wato barazana ga sarki, # kuma kashe sarki:

```
1. e4 e5  2. Nf3 Nc6  3. Bc4 Nd4
```

Sai in ce musu ku ne fari, me za ku buga? Kusan kullum, kafin in rufe baki wani ya miƙa hannu. Dokin baƙi ya bar c6, sojan e5 ba shi da mai tsaro, ga banza ta faɗi. Nakan bar shi ya ci, Nxe5, sannan in fito da sarauniyar baƙi zuwa g5. Yanzu tana kallon abu biyu lokaci guda, dokin da ke e5 da sojan g2. Yawanci mai wasan ba ya tsorata, don ya hango wata garaɓasar: Nxf7, doki ya kama sarauniya da ruk a tare. Ga yadda ake ƙarewa:

```
4. Nxe5 Qg5  5. Nxf7 Qxg2
6. Rf1 Qxe4+  7. Be2 Nf3#
```

Tafiya bakwai, an kashe sarki. Bishof ɗin e2 ba zai iya cin dokin ba, domin in ya gusa sarauniyar e4 tana kan sarki. Sarkin kuma 'ya'yansa ne suka toshe shi ta ko'ina: sarauniya a d1, soja a d2, ruk a f1, soja a f2. In fari ya tare cek ɗin da sarauniyarsa a tafiya ta bakwai, dokin d4 ya cinye ta.

Sai in mayar da allo zuwa tafiya ta uku, mu bi a hankali, hannu a cinya.

Tambayar farko kullum a kan abokin wasa take: tafiyar da ya yi yanzu, me ta canza? Doki ya zo d4. Yana kallon f3, yana kallon c2. Ya kuma bar soja a fili. Mutumin da ya bar maka abu a fili, ko dai kuskure ya yi, ko yana so ka ɗauka. Ba za ka sani ba sai ka duba, kuma ka fara da zaton cewa yana so ne.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi so su tafi gida da ita, don ita ce sabon shiga ba ya taɓa yi wa kansa: ɗan nan da nake son ɗagawa, wane aiki yake yi a inda yake? Kowa yana kallon inda ɗa zai sauka, ba a kallon ramin da zai bari. Dokin f3 shi ne yake tsare gidan g5. Muddin yana nan, sarauniyar baƙi ba ta isa ta taka g5 ba. Yana tashi, ƙofa ta buɗe. Duk masifar da ta biyo baya ta wannan ƙofar ta shigo. Na sha ganin fuskar mutum ta sauya a daidai wannan wurin, domin a karon farko ya gane cewa ɗan da ke zaune shiru ma aiki yake yi.

Ta uku ita ce ka buga tafiyar a zuciyarka, ka ga allon kamar an riga an buga, sannan ka koma kujerar abokin wasa ka duba abu uku a jere. Wane cek zai iya ba ni? Me zai iya ci? Wace barazana zai iya kawowa, musamman wadda take kama abu biyu? Bayan Nxe5 baƙi ba shi da wani cek na kirki, Nxc2+ sarauniya za ta cinye. Ba shi da ci mai amfani. Amma a wurin barazana, in ka bi layukan sarauniyarsa ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da g5. A tafiya ta biyar ma haka: wanda ya tambayi kansa me baƙi zai iya ci bayan Nxf7, zai ga Qxg2 nan take, sarauniya ta tsere kuma ta kama ruk ɗin h1. Da ya tsaya a nan, da ya samu Bxf7+ sannan ya yi kasilin. Zai rasa doki a kan soja biyu, amma wasa yana nan da rai.

Akwai wani abu a wannan misali da ke haɗa tunani da doka, kuma shi ya sa na zaɓe shi a kan sauran tarkuna. A tafiya ta huɗu, in dokinka ka fara taɓawa sannan ka ankara, kana da mafita mai kyau, Nxd4, ka cinye dokin da ya zo neman fitina, wasanka ya fi nasa. Amma da yawa daga sababbi sukan fara ɗauke ɗan da za su ci kafin su ɗaga nasu. Wanda ya taɓa sojan e5 ya ɗaure kansa, dole ya ci. Saboda haka ka koya musu su riƙa fara taɓa nasu ɗan.

Wani zai ce maka lokaci ba zai isa ba. Yi masa lissafi. Wasan minti 15, in ya kai tafiya 40, kowace tafiya tana da kusan daƙiƙa 22. Tambayoyin nan, in an saba, daƙiƙa goma sun ishe su a tafiyar yau da kullum. Dogon tunani a ajiye shi ga wurare kaɗan: in za ka ci ko za a ci naka, in za ka tura soja tunda ba ya komawa baya, da kuma in abu ya zo da arha fiye da kima. A ra'ayina kada ka bar sababbi su buga wasan minti uku ko biyar a kulob a watanninsu na farko. Wannan wasan hannu yake horarwa, mu kuwa hannun muke son ya koyi jira.

Ka faɗa musu kuma iyakar abin. Wannan dubawa ba za ta samo musu kyakkyawan tsari ba, ba za ta koya musu ƙarshen wasa ba. Aikinta ta hana su ba da 'ya'ya kyauta, kuma a matakinsu yawancin wasannin da nake gani a nan suke ƙarewa. Wani gargaɗi: da akwai masu rubuta tafiya a takarda kafin su buga don su sake dubawa, amma dokar yanzu ta hana, sai an buga ake rubutawa. Dubawar a ka za a yi ta.

Abu na ƙarshe ya shafe ka ne kai jagora. A shekarunmu na farko muna yarda a mayar da tafiya a wasannin sada zumunta, muna ganin tausayi ne. Sai muka kai wani yaronmu gasa. Ya ɗaga bishof, ya ga kuskure, ya mayar ya ɗauki wani, kamar yadda ya saba a wurinmu. Abokin wasansa ya kira alƙali, aka tilasta masa bishof ɗin, ya rasa wasan da ya riga ya rinjaya. Ya fito yana hawaye, kuma laifin namu ne, mu muka saba masa. Tun ranar, "ka taɓa, ka tafi" ta hau kan kowa a kulob, har da ni, har a wasan da ba agogo. Mai son gwada wata tafiya ya jira a gama, a mayar da allo, a zauna tare a duba. Ka sanar da wannan a ranar farko, kafin kowa ya zauna a gaban allo, kuma ka sa tsofaffin mambobi su yi alƙawarin ba za su ce wa sabo "ba komai, sake" ba.