WhatsApp ta ce a jira awa 12, akwai dabarar tsallakewa?

Oga, wata kwastoma ta kawo sabuwar waya na sa mata WhatsApp, lambar tabbatarwa ta ƙi shiga, na yi ta gwadawa har manhajar ta rufe ta ce sai bayan awa 12. In na goge na sake saukewa zai buɗe?

Ba zai buɗe ba, kar ma ka ɓata mata data. Wannan ƙirgen da kake gani ba a cikin wayar yake ba, a sabar kamfanin yake, wato babbar kwamfutarsu, kuma da lambar layinta aka ɗaure shi, shi ya sa ko ka goge manhajar, ko ka tura agogon wayar gaba, ko ka cusa sim ɗin a wata waya daban, lokacin nan dai zai tarbe ka.

Na san yadda aka yi ai. Saƙon farko ya yi jinkiri, kai kuma ba ka da haƙuri ka danna a sake turowa, sai na farkon ya shigo a makare ka kwafa ka zuba alhali sabon da ka nema ya riga ya kashe shi, ta ce ba daidai ba, ka sake zubawa, ƙarshe ka fara canke. Ita saba ba ta san fuskarka ba. Lamba 6 ce, hanyar jera ta miliyan ɗaya, da za a bar mutum ya yi ta gwaji ba iyaka da ɓarawo ya zauna da inji har ya dace, to duk mai yawan kuskure kallon ɓarawo take masa.

Yanzu ka ajiye wayar kawai. Kafin lokacin ya cika ka tura wa layin tes daga wayarka ka ga ko yana shiga, ka duba lambar ƙasa, ka tabbata ka cire sifirin farko na lambar layin. In ya cika ka nema sau ɗaya tak, ka ba shi minti 10, in shiru ka danna Call me a karanto maka. Kuma ka leƙa tsohuwar wayarta in tana hannunta, wani lokacin cikin WhatsApp ɗin can lambar take faɗawa, kai kana nan kana gadin akwatin saƙo.

Amma ka tambaye ta tun yanzu ko ta taɓa sa PIN na mataki biyu, don shi ma lamba 6 ne, yara da yawa nan suke rikicewa su zuba lambar tes a gurbinsa. Shi ba a turo shi, ita ta ƙirƙira da kanta. In ta manta kuma ba ta haɗa imel ba, kwana 7 za ta jira, gara ka faɗa mata yau da bakinka kafin gobe ta dawo ta ce kai ka lalata mata waya.