Sunan manhajar farashi: ka kai shi bakin kasuwa tukuna

"Oga barka da dare. Manhajar nan ta farashin amfanin gona na kusa gamawa, suna ne ya gagare ni. Na rubuta guda 30, na fi son AgroPrice Hub ko Farashin Ƙasa, akwai kuma Ɗan Kasuwa, Mudu, Kasuwar Gombe, Riba, Nawa Buhu. Wanne zan ɗauka? So nake in ɗora ta gobe."

Kai yaro, gobe fa ka ce? Ku matsalarku kenan yaran yanzu, wata uku kana kan rubuta manhaja ba barci, amma sunan da manomi zai riƙe a bakinsa kana so ka yanke shi cikin dare ɗaya kana kwance kan katifa. Kuma cikin sunaye 30 ka rasa wanda zai burge ka sai Farashin Ƙasa, sunan da ya cinye min naira dubu 400. Wallahi da na gan shi a saƙonka sai da raina ya ɓaci.

Lokacin ba ka zo shago ba. Wani Alhaji dillalin hatsi a nan Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, ya kira ni, yana so a yi masa manhajar da za ta riƙa nuna kuɗin masara da wake da riɗi a kasuwannin Gombe, Kumo, Bajoga har zuwa Dawanau. Muka yi ciniki dubu 600, ya ba da dubu 200 kafin alƙalami. A falonsa aka zaɓi suna, shi da yaransa, ya ce Farashin Ƙasa saboda ƙasar nan gaba ɗaya yake hange, kowa ya ce madalla, ni ma na bi don sunan ya yi min daɗi a ido. Na buga sitika 2,000 da kyallen talla, na biya aka yi sanarwa a rediyo, duk daga aljihuna a kan zai mayar min. Ran da muka je Kumo nuna wa manoma, wani dattijo mai wake ya saurare ni har na gama, sai ya ce "to ɗana, ku dama aikinku kenan, farashi ƙasa? Mu sama muke so ya yi." Aka fashe da dariya. A takarda ƙasa tana nufin Najeriya, a kunnen wanda ya kawo buhu biyar zai sayar kuwa faɗuwar farashi ce, ga shi kuma sun ji mai abin dillali ne, nan take suka yanke cewa dabarar karya musu kaya ce aka zo da ita. Bayan haka yawancin mutane ba su da ƙ a madannin wayarsu, kasa suke rubutawa, wato gazawa. Alhaji ya ce a canja suna, na canja, na sake zana tambari, na sake buga sitika da kuɗina. Da na je karɓar cikon kuɗi sai ya ce ai ni ne masani, me ya hana ni faɗa masa tun farko. Har yau bai ba ni ko sisi ba, kuma muna haɗuwa a masallacin Juma'a yana miƙo min hannu kamar ba komai.

Abin da ya fi ƙona min rai, sunan da ake gani a allo ana iya canja shi, amma wannan, wato sunan da Play Store ke gane manhajar da shi, ba ya canjuwa idan ka riga ka ɗora:

```
applicationId "com.farashinkasa.app"
```

Yana nan maƙale a adireshin da ake tura wa mutane. In ka canja shi, sabuwar manhaja ka buɗe, waɗanda suka sauke ta farko ba za su samu sabuntawa ba. Shi ya sa na ce maka babu maganar gobe.

Tankaɗe ake yi, ba sau ɗaya ba, kuma kowane zagaye da rariyarsa. Na farko da baki ake yinsa. Ka ɗauki takardar nan ka je inda ake auna hatsi da hantsi lokacin da hayaniya ta kai, ka faɗa wa mutum goma suna ɗaya ɗaya, kar ka yi bayani, ka tambaye shi me yake zaton abin yake yi. AgroPrice Hub a nan zai mutu, ba sai na faɗa maka dalili ba. Riba ma ka cire, alkawari ne da ba kai za ka cika ba, ranar da masara ta faɗi bayan girbi kai za a zaga. Kuma ka tabbata cikin goman akwai Bafulatani da Batangale ko Batere, Gombe ba Hausa zalla ba ce, kalmar da kowa ke faɗa wajen ciniki ita kake nema.

Waɗanda suka tsira sai ka kai su zagaye na biyu, na yatsa. Ka kira mutum a waya ka faɗa masa sunan sau ɗaya, ka ce ya rubuto maka. In mutum biyar suka rubuto iri uku, ka jefar. A nan duk mai ƙ, ɗ, ɓ ko alamar ɗaurin nan irin ta cikin kalmar sa'a zai fita, domin ba sa shiga `applicationId`, a adireshin intanet ma wahala ce kawai. Ɗan Kasuwa ya tafi kenan, dama kuma sunan wanda manomi ke zargi ne. Tsawo ma ka duba. Play Store na karɓar harafi 30 a suna, amma ƙarƙashin tambari a fuskar ƙaramar waya da an wuce goma da ɗoriya sai ta yanke ta sa ɗigo ɗigo.

Sai ka koma ka tambayi kanka ina abin zai kai nan da shekara biyu. Kasuwar Gombe ya ɗaure ka, mutumin Azare ko Alkaleri zai ce ba tasa ba ce. Mudu na so shi da farko, gajere ne, amma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma mai saye ya ci ne ke tambayar mudu, wanda ya noma buhu yake lissafi.

Ni a naka Nawa Buhu ya rage. Harafi takwas, babu mai lanƙwasa, kuma ita ce maganar da ke fita bakin manomi yana sauka daga mota tun kafin a kwance kaya. Yana da aibinsa, wani zai karanta nawa ɗin a matsayin mallaka, amma wannan ba ya cutarwa. Babban aibin shi ne ranar da ka ce za ka sa tumatir, a kwando ake sayar da shi, balle shanu. In hatsi da wake da riɗi za ka tsaya, ya ishe ka.

Duba Play Store da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko wani ya riga ka, wannan ko ɗan koyon jiya ya sani, kawai ka tuna rajistar CAC daban rajistar alamar kasuwanci daban. Kar kuma ka buga sitika ko ɗaya. Ka ɗauki Nawa Buhu da wasu biyu da ka ga sun tsira ka je Tudun Hatsi gobe da safe, bayan kwana uku ka koma wajen mutanen nan goma ka ce su tuna maka sunan, ka rubuta abin da kowa ya ce ka kawo min shago.