Nawa zan sa wa injin niƙana kafin in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin niƙa a Garwa, shekara huɗu ke nan. Na sayi injin da motar lantarkin da ke juya shi sefa miliyan 1 da dubu 800, kuma ran da kasuwa ta yi kyau nakan haɗa dubu 25. Zan koma gida, ina son miliyan 4, amma wani ya taya miliyan 1 da rabi. Ni ne na tsawwala ko shi ne ya raina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina kai ka hau sama, shi kuma ya yi ƙasa, amma sai mun bi lissafi.

Fara ajiye dubu 25 ɗin nan gefe. Cinikin ranar sa'a ne, irin na azumi ko bayan an yanke masakwa. Mai saye zai gaji har da ranakun bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya ana rabon wuta, yara na zaune buhuna na jibge. Don haka ɗauko littafinka na wata goma sha biyu ka fitar da matsakaici. Idan ba ka rubutu, takardun kuɗin wuta za su yi maka shaida, domin mita ba ta san ƙari ba.

Mu ƙaddara matsakaicin ya zo dubu 18 a rana, kwana 26 a wata, wato dubu 468. Wuta ta ci 150, yara biyu 70, haya 25, wasa faranti da canjin bel da sauran gyara 40, haraji 13. An kashe 298, saura 170. A nan yawancin masu sayarwa ke tsayawa su ce ga riba. Amma kai da kake zaune tun safe kana karɓar kuɗi, kana sa ido kada gari ya bi aljihun yara, wa ya biya ka? Wanda zai saya, ko dai ya ɗauki mai tsaro ko ya bar nasa aikin ya zauna. Cire masa dubu 60. Ribar gaskiya ta zama 110 a wata, miliyan 1 da dubu 320 a shekara.

Ƙaramar sana'a irin wannan, da wani zai iya kafa irinta a bayan layinka gobe, ni ba na ba ta fiye da ribar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka ga mun faɗa tsakanin kusan miliyan 2 da miliyan 2 da dubu 640. A miliyan 4 sai mutum ya yi shekara uku cur kafin uwar kuɗinsa ta dawo, in inji bai ba shi matsala ba.

Sai kaya. Abin da ka saya shekara huɗu baya ya wuce. Kira makaniken da ba naka ba ya kunna injin, ya saurari ƙararsa, ya duba ko an taɓa naɗe motar, ya faɗi kuɗinsa yau. A ce dubu 900, tarkace 150, ana bin ka kuɗin wuta 200: saura 850. Wannan ne ƙasan farashi. Kada ka tara shi a kan lissafin riba, ai injin ne ke kawo ribar. Mai tayin nan ya ɗora dubu 650 kacal a kan ƙarfe, alhali matan unguwa da suka saba da ƙofarka sun fi haka.

Sai dai sabon nan a jikin wurin yake. Idan mai gida zai iya tayar da sabon mutum bayan wata uku, ƙarfe kawai ka sayar. Je ka same shi tun yanzu, a rubuta hayar shekara biyu ko uku da za ta koma hannun mai saye. Takardar nan ita za ta kai ka kusa da miliyan 2 da rabi.

Kwatanta da wasu wurare kuwa, nemi kuɗin da aka biya a hannu, ban da wanda aka yi suna. Dillali na da la'ada a ciki, gara ka tambayi makanikai da wanda ya saya. Ka kuma ji ko na wuta ne ko na gas, da haya ko babu, da ko sayarwar gaggawa ce.

Idan wurin na da rajista, dokar kasuwanci ta Ohada, wadda Kamaru ke bi, ta ce a rubuta cinikin a kuma sanar da shi a jarida, masu bin ka bashi na da kwana 30 su tsayar da biyan kuɗin. Biya bashin wutar kafin a zauna. Ka buɗe baki da miliyan 2 da dubu 700, in ya kai miliyan 2 da dubu 300 kuɗi hannu, ka sallama.