Muryar Yaya kan wasiƙar neman aikin dibelofa ba tare da lisans ba

Tambaya: "Salam Yaya, wani kamfani a Duwala na neman dibelofa juniyo mai PHP da Laravel, sun ce a turo CV da letir motibasiyon. Ni a YouTube na koya, bak kawai gare ni. Me zan rubuta?"

Amsa, an rubuto daga murya:

Wa alaikumus salam ƙanena. To ka ji, kar ka kuskura ka buɗe wasiƙar da "duk da ba ni da lisans", mai karantawa wasiƙu ne jibge a gabansa, layin farko in ban haƙuri ne ya wuce ka. Fara da sunan aikin yadda suka rubuta shi a sanarwa, sai ka faɗa kan abin da ka gina.

Kai fa kana da kaya, aplikasiyon ɗin nan da ka yi wa butik ɗin kawu na kayan moto a babbar kasuwar Garwa. Shi ne cikin wasiƙar gaba ɗaya. Ka ce da Laravel da MySQL ka yi shi, yana lissafin kayan da suka rage da bashin da ake bin masu gyaran moto, kuma kullum ana aiki da shi. Sannan matsalar nan da ka gyara, wallahi ita ce zinariyar, lokacin da rezo ke yankewa yaron shago ya danna sau 2 ciniki ɗaya ya shiga sau 2, kai kuma ka ba kowane ciniki lambarsa tun daga fom ɗin, ka sa unique a teburin, na biyun in ya zo sai a ƙi shi. Jimla 3 sun isa ka faɗi wannan. Wanda ya san aiki yana karantawa zai gane ba kwafar bidiyo ka yi ba, don todo list da kalkuleta kowa na da su, kar ma ka ambace su.

Maganar karatu layi ɗaya ka ba ta can ƙasa, bak, sannan na koyi sauran da kaina, ga aikin. In sanarwar ta ce "Bac+3 ou équivalent" tura abinka, amma kar ka ƙirƙiri diflom, ranar sa hannu za su iya cewa kawo takarda.

Link ɗin GitHub kuma, buɗe shi a wayar wani ka gani ko yana buɗuwa, yara da yawa repo ɗinsu na private ba su sani ba, mutum ya danna ya ga 404. Sa README da hotunan allo, goge sunayen masu bashi na gaskiya, kuma duba kar fayil ɗin .env mai ɗauke da faswod ɗinka ya hau, in ya riga ya hau canza faswod ɗin duka don gogewa kawai ba ta cire shi daga tarihin Git.

Shafi ɗaya, PDF, da Faransanci tunda da shi suka yi sanarwar. Ka faɗa musu ko za ka iya komawa Duwala ko daga Garwa za ka yi aikin, za su tambaya dole. Turo min in duba kafin ka aika.