Banɗakin sama: kan na ƙasa ko kan falo?

Tambaya: Zan gina bene hawa ɗaya, mai zane ya ba ni zaɓi biyu. A ɗaya banɗakin sama yana daidai kan na ƙasa, kicin na jingine da bangonsu. A ɗayan ɗakin barci ya fi faɗi, amma banɗakin ya koma kan falo, mita 5 daga babban bututu. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ɗauki na farko. Lissafin gangara kaɗai ya isa hujja. Bututun masai faɗinsa milimita 110 ne, kuma idan aka kwantar da shi yana son gangarar kusan santimita 2.5 a kowace mita. A mita 5 ya sauka santimita 12.5 ke nan. Ƙara kaurin bututun a kai, kana neman wajen santimita 24, alhali kaurin dakin ɗin gidan zama, wato zubin kankaren da ke tsakanin sama da ƙasa, yawanci bai wuce 15 ba. To ina za a sa shi? Ko dai a rataye shi ƙarƙashin dakin a rufe da silin, ko a ɗaga daɓen banɗakin, ko kuma, abin da muka fi tsoro, mai aikin famfo ya huda bim ya yanke rodi don ya samu hanya. Kada ka yarda da wannan ko kusa.

Idan aka rage gangarar don bututun ya shiga, ruwa ba zai sami ƙarfin tura ƙazanta ba, toshewa ta zama ta kullum. Ranar da mahaɗa ta fara yoyo kuwa, a silin ɗin falo za ka ga tabon, sau da yawa nesa da ainihin inda ruwan yake fita, sai an yi ta fasawa ana lalube.

A zane na farko bututu ɗaya ne a tsaye, kowane masai ya shiga da gajeren reshe. Ka sa a bar masa rami na kansa a jikin bango, kamar santimita 30 da 60, da 'yar ƙofar dubawa a kowane hawa, kada a binne shi cikin siminti. Kan bututun ya zarce saman rufi a buɗe don iska ta shiga. In babu wannan iskar, duk sanda aka kora masai a sama sai ya zuƙe ruwan da ke tare wari a lanƙwasar magudanar ƙasa. Alamarsa ƙarar gulgul, wari ya biyo baya. A gindinsa kuma a haɗa gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90, da murfin zura sandar buɗe toshewa.

Kicin ya yi amfani da rami ɗaya da banɗakunan, amma mun fi son a ba shi nasa bututun na milimita 50, domin maiƙo yana daskarewa a doguwar hanya.